Daga shafukan nazarin abokan gogayya zuwa takardar da Alhaji zai sa wa hannu

Nazarin abokan gogayya, idan an yi shi a PowerPoint, kusan koyaushe ana jera shi ne kamfani bayan kamfani. Wannan shafi na wane ne, ga farashinsa, ga inda yake kai kaya, ga ƙarfinsa da rauninsa, sai a juya zuwa na gaba. Tsari ne mai kyau ga wanda ya yi binciken, domin haka ya tattara bayanan. Amma mai kamfani da ya zauna ya kalli shafi talatin, abin da ke ransa daban ne. Yana so ya san ko ya rage farashi ko ya bar shi, ko ya sayi inji ko ya dakata, kuma nawa kowanne zai ci masa. Shi ya sa sau da yawa taro kan watse da "madalla, an yi ƙoƙari," a shafa fatiha, wata ya zagayo ba a canza komai ba.

Takardar yanke shawara ita ce ke cike wannan giɓi, kuma ba taƙaitaccen nazarin ba ce. Wanda ya ɗauki shafi talatin ya matse su zuwa biyu, har yanzu labarin abokan gogayya yake bayarwa, sai dai a gajarce. Abin da ake bukata shi ne a rushe jerin gaba ɗaya a sake gina shi a kan tambaya guda da mai kamfani zai amsa da i ko a'a.

Bari mu ɗauki misalin wani ƙaramin kamfanin matse man gyaɗa a nan Damagaram. Alƙaluman kamfanin na misali ne, na tsara su don lissafin ya fito fili, amma yanayin kasuwar duk wanda ke shiga Kasuwar Dole ya san shi. Kamfanin yana sayen gyaɗa daga wajajen Matamaye da Magarya, yana matsewa, yana zubawa a robar lita ɗaya, yana sayar wa masu shaguna sari a kan sefa 1,500. Abin da lita guda ke ci, wato gyaɗa da wuta da roba da dako, bayan an cire kuɗin tunkuzar da ake sayarwa, sefa 1,200 ne. Ke nan kowace lita tana barin 300. Akwai kuma kuɗin da dole a biya duk wata ko an sayar ko ba a sayar ba, albashi da haya da gyaran inji, miliyan 1.5. A wata shida ciniki ya sauko daga lita 10,000 a wata zuwa 8,000. Alhaji mai kamfanin ya sa aka yi bincike, aka kawo masa diyapo, wato shafukan PowerPoint, sama da talatin a kan rukuni uku: man da ke shigowa daga Kano, farin man jarka na ƙasashen waje da ake aunawa a shaguna, da man da mata masu ƙuli-ƙuli ke matsewa a gida.

Aiki na farko ba a kwamfuta ake yin sa ba. A je wurin Alhaji a tambaye shi: "Ranka ya daɗe, wace shawara ce ke gabanka da ta sa ka nemi binciken nan, kuma yaushe dole ka yanke ta?" A misalinmu amsar ita ce, masu shaguna suna ta matsa masa ya sauko da farashi don man Kano yana isa gare su a kan 1,300, kuma yana so ya san matsayinsa kafin kaka, lokacin da zai zuba kuɗi ya sayi gyaɗar da zai yi aiki da ita watanni masu yawa. Daga nan tambayar takardar ta fito: mu rage farashin lita, ko mu bar shi mu nemi wata hanya, kafin sayen gyaɗar bana? Idan wanda zai rubuta takardar bai iya faɗin tambayar a jimla ɗaya da ranarta ba, bai kai lokacin rubutu ba tukuna.

Da tambayar nan a hannu sai a koma kan diyapo ɗaya bayan ɗaya, ana yi wa kowanne tambaya guda: da abin da ke shafin nan ya zama akasin haka, shawarar za ta canza? Shafin tarihin wani kamfani na Kano da shekarar kafa shi ba zai canza komai ba, sai a kai shi rataye. Hotunan robobinsu, haka. Jadawalin SWOT mai gida huɗu na ƙarfi da rauni da dama da barazana, wanda kusan kowane irin wannan nazari ke ɗauke da shi, shi ma galibi rataye zai tafi, domin kalmomi irin "inganci" da "sanin kasuwa" ba su gaya wa kowa ya yi kaza. Marubucin nazarin zai ji zafin wannan tankaɗe, don ya sha rana kafin ya samo bayanan, kuma ya kamata a gaya masa gaskiya cewa aikinsa bai ɓata ba, yana nan a rataye ga mai son tabbatarwa. Amma jikin takardar na abin da ke motsa shawara ne kawai. A nan abu uku ne ke motsa ta.

Na farko shi ne dalilin arhar man Kano. Diyapo ya nuna gibin sefa 200 ya tsaya, bai ce daga ina gibin ya fito ba, alhali a nan maganar take. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya ta Amurka ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Duk lokacin da naira ta faɗi haka, kayan Kano suna yi wa mai sefa arha ba tare da mai masana'antar can ya rage ko kwabo ba. Wannan irin gibi ba ƙwarewar abokin gogayya ba ne, canji ne, kuma yana iya ƙanƙancewa idan tsadar kaya a Najeriya ta biyo baya, ko idan hanya ta toshe kamar yadda aka gani lokacin da aka rufe iyaka bayan Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Idan arharsu daga inji mai kyau ta fito, za ta daɗe, kuma dole a sake tunanin sana'ar gaba ɗaya. Idan daga canji ta fito, rage farashi don a bi su yana nufin a ɗaure kai da abin da ba mai kamfani ke juya shi ba. Takardar tilas ta faɗi wanne ne daga cikin biyun, da hujjar da ta dogara a kai.

Na biyu, a shafi na ashirin da wani abu, cikin ƙananan rubutu a ƙasa, an rubuta cewa masu shaguna goma sha biyu cikin ashirin da aka tambaya a Sabon Gari da Garin Malam sun ce yawancin masu sayen mai ba lita suke saye ba, na dala ashirin ne, na dala hamsin, na dala ɗari, gwargwadon cefanen ranar. Man jarka da man mata suna aunuwa haka, robar kamfanin kuwa a rufe take, sai mai jika ɗaya da rabi ko fiye a hannu. Wannan layin da aka binne shi ne mafi tsada a duk nazarin. Na uku, injin kamfanin iyakarsa lita 12,000 a wata. Wannan ma ba ya cikin diyapo ko kaɗan, domin nazarin waje ya duba, bai dubi gida ba. Sai an je wurin kontabul da mai kula da inji ake samun irinsa, kuma babu takardar yanke shawara da za ta tsayu ba tare da alƙaluman gida ba.

Kafin a yi amfani da kowane farashi daga diyapo, a duba abu biyu da ke yawan ɓata lissafi. Ɗaya, yaushe aka ɗauke shi? Gyaɗa tana arha da kaka, tana tsada idan bazara ta yi nisa zuwa damina, mai kuma yana bin ta. Farashinmu na Yuni da na abokin gogayya na Nuwamba ba sa zama a layi ɗaya. Biyu, wane irin farashi ne, kuma na wane ma'auni? Sau da yawa ana ɗauko farashin da aka ji a bakin shago a kwatanta da namu na sari, ko a ɗauki kwalbar da ba ta cika lita ba a kira ta lita. Alamar matsalar ita ce shafin da ke da lamba ba kwanan wata, ba sunan kasuwa. Idan an ga haka, a aika yaro da roba mai awo ya sayo na kowa a rana ɗaya, a kasuwa ɗaya, a auna. Aikin yini guda ne.

Sai zaɓuɓɓuka, kuma a nan ne takardu da yawa ke yin ha'inci ba da niyya ba. Marubuci yana da abin da yake so, sai ya ajiye shi a tsakiya, ya kewaye shi da wasu biyu da ba mai hankalin da zai ɗauka. Mai kamfani da ya daɗe a kasuwa yana gane wannan da wuri, kuma daga ranar ya daina yarda da takardun mutumin. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne, kowane zaɓi ya zama akwai wani a cikin kamfanin da zai tsaya ya kare shi da gaske. Kuma dukkansu a auna su da mudu ɗaya. A nan mudun shi ne ribar wata, kuɗin da za a zuba, da kuma ko ana iya komawa baya idan abin bai yi ba.

Zaɓi na ɗaya, a bar komai yadda yake. Dole a rubuta shi, kuma dole a yi masa lissafi na gaskiya, domin barin abu yadda yake ba ya nufin riba za ta tsaya inda take. Yau lita 8,000 sau 300 suna ba da miliyan 2.4, a cire miliyan 1.5, saura 900,000. Idan ciniki ya ci gaba da zamewa ya kai 7,000, riba ta koma 600,000. Da wannan 600,000 ɗin za a gwada sauran zaɓuɓɓuka, ba da 900,000 na yau ba.

Zaɓi na biyu, a sauko zuwa 1,350, wanda shi ne abin da masu shaguna da mai kula da tallan kamfanin ke so, kuma suna da hujja, don su ke jin ƙorafin mutane kullum. A ido ragin kashi 10 cikin ɗari ne kawai. Amma ragin ba daga 1,500 yake fita ba, daga 300 ɗin nan yake fita, sai ta koma 150. Rabin abin da lita ke bari ya tafi. Don a sake samun miliyan 2.4 na yau sai an sayar da lita 16,000, inji kuwa ba ya wuce 12,000. A ce ragin ya yi aiki, duk waɗanda suka gudu sun dawo, ciniki ya koma 10,000: sau 150 miliyan 1.5 ke nan daidai, riba babu ko dala. A ce ma inji ya yi aiki iyakar ƙarfinsa an sayar da komai, 12,000 sau 150 miliyan 1.8 ne, riba 300,000, rabin abin da za a samu idan an naɗe hannu. Har yanzu kuma man Kano ya fi arha da sefa 50. Ga shi farashi idan ya sauka, mayar da shi sama yana da wuya, don mai shago ba ya manta tsohon kuɗi. Wannan lissafin layi huɗu ne, amma ba ya cikin diyapo ko ɗaya, saboda sai an haɗa farashin abokin gogayya da littafin kontabul yake fitowa.

Zaɓi na uku, a bar farashin lita, a fito da ƙaramar roba ta rubu'in lita, a ba masu shaguna a kan 425 su sayar dala ɗari, wato 500. Lita ta zama 1,700 ke nan, amma robobi huɗu da murafunsu da takardar manne suna ƙara kamar 120, don haka lita tana barin 380. Ana bukatar injin cikawa da rufewa na miliyan 3.6, da ƙarin 100,000 a wata na ma'aikaci da wuta. A nan akwai ramin da ake yawan faɗawa: ba duk mai sayen ƙaramar roba ne sabon mai saye ba, wasu masu sayen litarmu ne za su koma kanta. A ce an sayar da lita 2,000 a ƙananan robobi, 500 daga ciki tsofaffin masu saye ne. Manyan robobi sun sauka daga 7,000 ɗin zaɓin farko zuwa 6,500, sau 300, miliyan 1.95. Ƙanana 2,000 sau 380, 760,000. A haɗa, a cire miliyan 1.6, riba miliyan 1.11. Ta fi ta zaɓin farko da 510,000, inji zai mayar da kuɗinsa a cikin wata bakwai da 'yan kwanaki.

Amma daga ina 2,000 ɗin nan ta fito? Daga maganar masu shaguna goma sha biyu, ba daga ciniki ba. Takarda mai amana tana faɗin haka a fili, ta kuma sake lissafin da rabin adadin. Idan lita 1,000 kawai aka sayar, 250 daga tsofaffin masu saye, riba 805,000 ce, ratar ta koma 205,000, inji sai ya yi kusan shekara ɗaya da rabi kafin ya biya kansa. Har yanzu ya fi zaɓin farko riba, amma miliyan 3.6 da aka ɗaure a inji kuɗi ne da ba a sayi gyaɗa da su ba lokacin da take arha, kuma wannan ma asara ce da ya kamata a ambata. Ya dace mai karatu ya iya bambanta abin da aka auna, kamar kuɗin lita daga littafin kontabul, da abin da aka ji, kamar maganar masu shaguna, da abin da aka yi hasashe, kamar 2,000 ɗin. A diyapo duk lambobi kama ɗaya suke yi, masu kauri, masu launi. A takarda ana iya cewa "wannan mun tabbatar, wannan zato ne."

Daga nan shawarar kanta take fitowa, kuma ba lallai ta zama ɗaya daga cikin ukun yadda suke ba. Tunda zaɓi na biyu ya faɗi ko da komai ya yi masa daidai, na uku kuma ya dogara da lamba ɗaya da ba a gwada ba, abin yi shi ne a gwada lambar da kuɗi kaɗan kafin a sayi inji. Kuma shawarar a farkon takarda take zama, ba a ƙarshe ba. Ga yadda sakin layi na farko zai kasance:

"Ranka ya daɗe, shawararmu ita ce kada a rage farashin lita. Ragi zuwa 1,350 zai cinye ribar gaba ɗaya ko da ciniki ya koma lita 10,000. Muna neman ka amince da sefa 400,000 don gwajin robar rubu'in lita na wata biyu a shaguna 20, da cikawar hannu, a ƙarƙashin mai kula da talla. Idan shagunan nan suka kai lita 400 a wata na biyu, kuma 14 daga cikinsu suka sake neman kaya da kansu, a sayi injin miliyan 3.6. Idan ba su kai ba, a bar maganar inji. Muna bukatar amsarka kafin ƙarshen Yuli don gwajin ya ƙare kafin sayen gyaɗa."

A lura da abin da ke cikin waɗannan layuka: abin da za a yi, abin da ba za a yi ba da dalilinsa, kuɗin, mai ɗaukar nauyin, ranar, da ma'aunin da zai nuna an yi nasara ko ba a yi ba. Ma'aunin nan tun kafin gwaji ake rubuta shi. Idan aka bari sai bayan an ga sakamako, kowa zai fassara shi yadda ya dace da ra'ayinsa na da. Sake neman kaya kuma ya fi yawan abin da aka kai shago muhimmanci, domin mai shago zai karɓi kayan farko don kunyar Alhaji, amma ba zai aiko neman na biyu ba sai na farko ya ƙare.

Akwai sashe guda da marubuta ke gudu don suna ganin yana raunana su, ni kuwa ina ganin shi ne ke sa a yarda da takarda: abin da zai sa mu janye wannan shawara. A misalinmu abu biyu ne. Idan gibin da ke tsakaninmu da man Kano ya wuce sefa 350 ya zauna haka wata uku, maganar ta wuce ta roba, sai a zauna a duba kuɗin da lita ke ci tun daga sayen gyaɗa. Idan kuma gwaji ya nuna fiye da rabin masu sayen ƙaramar roba tsofaffin masu sayen litarmu ne, lissafin zaɓi na uku ya canza, a sake shi. A nan ne kuma za a amsa tambayar da diyapo ba ya yi, wato me abokan gogayya za su yi idan mun motsa. Mai kawo man Kano yana iya fito da ƙaramar roba shi ma, don ba wani sirri a cikinta. Abin da ba zai iya kwafa da sauƙi ba shi ne kusanci: motar kamfanin tana iya zagaya Zengo da Birni sau biyu a mako, tana karɓar abin da bai tafi ba.

Tsawon takardar shafi biyu ya isa ga irin wannan magana, da cikakkun jimloli, da ɗan jadawali guda da ke jera zaɓi uku a kan mudun nan ɗaya. Cikakkiyar jimla tana tilasta wa mai rubutu ya sa "saboda" da "don haka," kuma a nan ne ake gane ko hujja ta haɗu. Wannan dalilin ne ya sa Amazon tun 2004 ya daina amfani da PowerPoint a tarurrukan manyan shugabanninsa, ya koma takarda mai shafi shida da ake karantawa shiru a farkon taro. A wurinmu akwai ƙarin abu: nazarin galibi da Faransanci ake rubuta shi, amma shawarar da Hausa ake yanke ta, wani lokaci ma karanta wa mai kamfani ake yi. Don haka kafin a miƙa, a ba kontabul ya bi kowace lamba da alƙalami, a ba mai kula da talla, wanda shi ne mai goyon bayan ragi, ya duba ko an faɗi hujjarsa yadda shi zai faɗe ta, sannan a karanta sakin layin farko da baki ga wanda bai ga diyapo ba, a tambaye shi me ake nema Alhaji ya yi da kuma yaushe. Idan ya yi jinkirin amsa, a koma a gyara sakin layin.